Kan Alhaji ya fito sumul, sauran jama'a duk yashi

Nasiru Tudun Wada: Assalamu alaikum yan uwa masu sana'a. Don Allah ina neman taimako, aiki ne ya tsaya min tun shekaranjiya kuma mai shi yana son firem ɗinshi kafin Juma'a. Walimar ɗaurin aure na ɗauka nan Gusau, cikin hol bayan la'asar sakaliya, wuta ba ƙarfi, sai na kai ISO 3200 a Canon 600D ɗina. Hoton dangi ne mutum goma sha huɗu layi biyu, na danna sau uku amma duk ukun baban ango idonshi rufe, ɗaya ma ya juya yana magana. Allah ya sa ƙanen ango ya ɗauke shi da waya a daidai wurin, hula ɗaya riga ɗaya haske ɗaya, shi Alhajin da kanshi ya ce a ɗauko fuskar can a sa. Na yanko na ɗora a Fotoshof, kala ta zauna lafiya lau, amma da ka kalli hoton sai idonka ya tafi kanshi kai tsaye. Kowa fuskarshi da ɗan yashi-yashi na kyamara, shi kuma tashi sumul kamar an shafa mai, kuma ta ɗan yi dishi-dishi. Mi zan yi?

Aminu Jega: Wa alaikassalam. Ka shiga Curves ka rage ja, wayoyin nan suna ƙara ja da haske a fata shi yasa take fita daban. Ni haka nike yi kullum

Nasiru Tudun Wada: Yaya Aminu ba kala ba ce, na gama da wannan. Ko na mayar da hoton baƙi da fari gaba ɗaya sai ka gane kan ba na wurin ba ne

Shamsu Mafara: Matsalar rizolushan ce. Hoton waya 72 yake zuwa, ka buɗe Image Size ka maida shi 300 sannan ka ɗora, za su daidaita

Malam Bello Kaura: Shamsu ka taɓo wurin amma ba ka kama shi ba. Wanga 72 da 300 lamba ce kawai da anka rubuta ma na'urar firinti, tana gaya mata fiksel nawa za ta cusa cikin inci guda. Ba ta ƙara ma fuska komi. In ka canza ta ba tare da Resample ba hoton na nan yadda yake, in kuma ka bar Resample kunne to kwamfuta ce za ta ƙago fiksel daga babu, fuskar ta ƙara laushi. Abin da za a auna shi ne fiksel nawa kan Alhaji ya samu a hoton waya, nawa kuma ya samu a hoton kyamara. Nasiru ɗauki Ruler Tool ka ja daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido a hotunan biyu ka faɗo muna. Ko ido na rufe ana iya ganin tsakiyarshi. Kuma ka gaya min ta ina hoton wayar yaz zo maka.

Nasiru Tudun Wada: To Malam. Na kyamara 5184 ne da 3456, tsakanin idanun 96. Na wayar 1600 da 1200 ne, tsakanin idanun 64. Ta WhatsApp yaron ya turo min

Malam Bello Kaura: Ga rabin ciwonka nan. 64 zuwa 96, ke nan ka ja fuskar ta kai kashi 150, ka shimfiɗa abin da dama WhatsApp ya riga ya matse. Zuma zuwa 300% ka dibi kuncinshi da gefen hula, za ka ga wasu murabba'ai-murabba'ai awa tayil. JPEG yana yanka hoto gida-gida ne, takwas da takwas, in an matse da ƙarfi gidajen sai su fito fili, kai kuma da ka faɗaɗa sun koma sha biyu da sha biyu. Duk yashin da za ka zuba bisa wannan ba ya ɓoye shi, sai dai ya zama tayil mai ƙura. Ka koma wurin yaron ya ba ka asalin hoton, ko ta kebul ko ya turo shi a matsayin Document, kada ya turo ta wurin hotuna.

Shamsu Mafara: Ai yanzu akwai HD a WhatsApp ɗin Malam

Malam Bello Kaura: Akwai, ya fi na da, amma shi ma sai ya sake matsewa. Document shi ka kawo fayil yadda yake ba a taɓa ba.

Hajiya Rabi Birnin Kebbi: Gaskiya ne wannan. Ni a wurin kamu da wunin biki kusan kullum sai an kawo min irin haka, amarya ta fi son fuskarta ta wayar ƙawarta, kuma in ba ka tsaya a kansu ba sikirinshot ma za su turo maka. Nasiru ka ce ya duba kar ya zama ya goge asalin, yaran nan suna turawa su share don fili.

Nasiru Tudun Wada: Alhamdulillah bai goge ba, na je gidan da kaina na kwaso da kebul. 4000 da 3000 ne, tsakanin idanun 160. Kai bambancin ba kaɗan ba ne, har furfurar gemu ana ƙirgawa. Na rage shi zuwa kashi 60 ya zauna daidai kan 96. Amma fa yanzu matsalar ta juye, fuskar ta fi ta kowa kaifi, kamar an yanko ta da reza an manna, kuma sumul ɗin ya ƙaru ma

Malam Bello Kaura: Madalla, yanzu kana kan hanya. Wagga matsala ta fi waccan sauƙi nesa, don abin da ya yi yawa ana iya ragewa, wanda babu ne ba a iya ƙagowa. Ka riƙe tsarin ga: girma tukuna, sannan kaifi, yashi a ƙarshe. In ka zuba yashi kafin ka gama da girma, duk jan da ka yi ma leya sai ƙwayar yashin ta canza girma tare da shi, in kuma ka zuba kafin ka tausasa to tausasawar za ta cinye shi.

Dalilin da ya sa sumul ɗin ya ƙaru kuwa biyu ne. Na farko ita waya da kanta tana wanke hoto kafin ta nuna maka, tana goge noyis, wato yashin nan, daga fata sannan ta bi gefuna ta kaifafa, shi ya sa za ka ga kunci awa roba amma gashin gira awa waya. Na biyu ragewar da kay yi. Duk sadda ka matse fiksel da yawa sunka koma kaɗan, ana haɗa su ne a ɗauki tsaka-tsaki, ɗan noyis ɗin da ya rage sai ya narke.

To kaifi. Ka maida leyar fuskar Smart Object in ba ka yi ba, don ka iya komawa ka gyara lamba. Sa'an nan ka je 400% ka nemi gefe mai kaifi a jikin wanda ke tsaye kusa da Alhaji, layi ɗaya da shi, misali inda farar hula ta haɗu da goshi. Ƙirga fiksel nawa ake bi kafin a fita daga fari a shiga duhu. Ka yi haka a hular Alhaji ta waya. Ka faɗo.

Nasiru Tudun Wada: Na maƙwabcinshi kamar huɗu ne, wani wurin biyar. Na Alhaji biyu, kuma akwai wani siririn farin layi da ya bi bakin hular

Malam Bello Kaura: Farin layin ga shi ne sa hannun waya, kaifafawar da tay yi. Wani lokaci Fotoshof ma yana ƙara nashi, in Image Interpolation na kan Bicubic Automatic to wurin ragewa yana ɗan kaifafawa. Ka duba Preferences ƙarƙashin General ka maida shi Bicubic zalla ka sake rage fuskar daga asali. Sa'an nan Gaussian Blur, fara da 0.8 ka ɗaga a hankali har bakin hular ya kai huɗu awa na maƙwabci kuma layin ya ɓace. Kada ka yi ma fuskar hukunci a wanga mataki, za ta yi maka kama da ta lalace don ga laushi ga sumul. Yashin ne zai maido mata da rai.

Shamsu Mafara: Ni fa Malam a nan ban yarda ba. Yaya za a ce mutum ya samu fuska mai kyau mai kaifi sannan ya ɓata ta da hannunshi? Baban ango ne fa, shi zai biya kuɗin. Maimakon a lalata mai kyau mi zai hana a gyara marar kyau, ya shiga Camera Raw ya ja Noise Reduction ya wanke hoton gaba ɗaya kowa ya yi sumul, ya ɗan kaifafa, shi ke nan an daidaita sama ba ƙasa ba. Mutanenmu ma ai sumul suke so, ba wanda ya taɓa cewa in ƙara mashi yashi

Hajiya Rabi Birnin Kebbi: Shamsu na gwada wannan hanyar taka a hoton kamu da na ɗauka da dare, mata wajen ashirin duk leshi da atamfa. Da na ja shi har noyis ya tafi, ramukan leshin suka cushe, zanen lalle a hannu ya zama kamar an shafa kwalli da yatsa. Uwar amarya ba ta san sunan abin ba amma ce min ta yi leshinta ya koma kamar yadin makaranta. A hoton maza kuma aikin wuyan babbar riga da ɗinkin hula su za su fara tafiya. Noyis da ƙananan zare girmansu ɗaya ne, abin da ke goge wannan ba ya bambance su.

Shamsu Mafara: Ai ba a ja har ƙarshe Hajiya, kaɗan ake sawa

Hajiya Rabi Birnin Kebbi: In ka sa kaɗan kuma yashin bai tafi ba, fuskar waya tana nan daban. Ka ga an dawo inda aka fara.

Malam Bello Kaura: Kowanenku na da rabo. Noyis na kyamara iri biyu na, akwai na haske wanda ka kama da yashi, akwai na kala, ɗigon ja da kore da shuɗi da ka fitowa cikin inuwa. Na kala ɗin nan ba shi da wani kyau kuma cire shi ba ya cin leshi sosai, to shi a bi shawarar Shamsu, a buɗe hoton ƙasa a Camera Raw a sa Color wajen 25. In RAW ne ma dama a nan yake zuwa. Na haske kuwa a taɓa shi kaɗan ko a bar shi. Amfanin haka ga Nasiru shi ne yanzu iri guda kawai zai kwaikwaya, ba sai ya yi ta neman yadda zai ƙago ɗigon kala ba.

Amma cewa a ɗaga mutum goma sha uku su kamo mutum guda, wannan ba ya yiwuwa, kaifin da kyamara ba ta kama ba babu shi. Guda ɗin shi ka sauka.

Nasiru Tudun Wada: JPEG na ɗauka Malam, katin ya kusa cika ranar. Na sa Color 25 ɗigon sun tafi, ɗinkin huluna bai taɓu ba. Blur ɗin kuma 0.9 ya tsaya. Yanzu sai in shiga Add Noise kai tsaye kan fuskar?

Malam Bello Kaura: A'a, leya daban. Sabuwar leya ka cika ta da 50% Gray, ka maida ta Smart Object ita ma, ka maƙala ta ga leyar fuska da Ctrl+Alt+G don kada ta zuba kan sauran mutane. Add Noise, zaɓi Gaussian, ka sa alama a Monochromatic, Amount wajen 6. Sa'an nan abin da mafi yawa ka mantawa: yashin Fotoshof ƙwayarshi fiksel guda ce cif, mai tsini, na kyamara kuwa ya fi haka kauri da laushi don sai da kyamara ta haɗa kaloli daga fiksel na kusa, JPEG kuma ya ƙara murje shi. Don haka ka bi leyar yashin da Gaussian Blur kamar 0.5. Ka ajiye kuncin Alhaji da na maƙwabci gefe da gefe a 200%, ka fara daidaita girman ƙwaya, ƙarfi daga baya.

Aminu Jega: Sai ya maida leyar Overlay, haka ake yi

Nasiru Tudun Wada: Na sa Overlay ɗin. Wallahi an samu ci gaba sosai, goshi da kan hanci sun yi daidai da na kowa. Amma ƙarƙashin haɓa da gefen fuskar da ke inuwa har yanzu sumul, in na ƙara ƙarfi don su samu sai goshin ya yi yawa kamar an watsa gero

Malam Bello Kaura: Na so ka gani da idonka shi ya sa ban tare Aminu ba. Overlay ƙarfinshi a tsakiyar haske yake, yana raguwa in an nufi duhu, yana raguwa in an nufi fari. A ɓangaren duhu ninkawa yake yi, wato wurin da haskenshi ya kai 128 cikin 255 yana samun yashin cikakke, wurin da ke 50 kuwa bai kai rabi ba yake samu. Masu koyar da hanyar ga a bidiyo yawanci fuskokin da suke aiki a kai masu haske ne, suna zaune tsakiya ko sama kaɗan, sai abin ya yi masu daidai. Fatarmu a cikin hol marar wuta tana ƙasa can, kuma kyamara ta gaske a inuwa noyis ɗinta ya fi bayyana. Ka ga Overlay ya yi maka kishiyar abin da kyamara ka yi.

Maida leyar Linear Light. Shi ƙarawa yake yi da ragewa daidai wa daida ko ina, duhu ko haske. Zai zo da ƙarfi ainun, kada ka firgita, sauko da Opacity. In farar hula ta ɗauka fiye da hulunan sauran, danna leyar sau biyu, a Blend If ka je Underlying Layer, riƙe Alt ka raba farin tsinken nan biyu ka jawo rabi zuwa wajen 180, yashin zai riƙa raguwa a hankali cikin fari.

Aminu Jega: Ikon Allah. Shekara nawa ina Overlay, ina ganin wuyan mutane na fita sumul na ɗauka laifin hoton ne. Na gode Malam

Nasiru Tudun Wada: Ya shiga inuwar yanzu. Amma ta yaya zan san na kai daidai? Idona ya gaji, in na sa 40 sai in ga daidai ne, in na sa 60 ma sai in ga daidai ne

Malam Bello Kaura: To ka bar ido ya huta, lamba ta yi aiki. Buɗe Histogram ka sa Expanded View, Channel a kan Luminosity, Source a kan Entire Image. Ɗauki Rectangular Marquee ka sa Fixed Size 20 da 20. Ɗora shi bisa kuncin maƙwabci wurin da yake shafe, ba gemu ba tsage ba bakin inuwa, ka karanta Std Dev, lambar da ka nuna ƙarfin yashi. In ka ga ɗan alwatika mai alamar gargaɗi ka danna shi ya sabunta. Yi haka wuri uku ka ɗauki tsaka-tsaki. Sa'an nan kuncin Alhaji, wuri mai irin hasken, ka yi ta motsa Opacity har lambobin su kusanci juna. Sharaɗin shi ne wurin ya zama shafe, in ka haɗa da inuwa lambar za ta tashi ba don noyis ba.

Nasiru Tudun Wada: Na maƙwabci 5.8, 6.3, 6.0. Na Alhaji in na kashe leyar yashi 2, a Opacity 55 ya ba ni 6.1

Shamsu Mafara: Ke nan 4 ya ƙara, shida a cire biyu

Malam Bello Kaura: Ba haka noyis ka haɗuwa ba Shamsu. Ninka kowane da kanshi ake yi sannan a tara. Shida sau shida 36, biyu sau biyu 4, saura 32, wato yashin da ya zuba ya kusa 5.7. Inda wannan ka da amfani shi ne ranar da fuskar da ka ɗauko ita ma tana da nata, a ce 4 kana neman 6, za ka ɗauka 2 ya isa alhali kusan 4.5 kake buƙata. Nasiru tsaya nan kan 55.

Baba Ɗanjuma Argungu: Salamu alaikum yara, ina ta karantawa. Mu zamanin fim ba mu san wannan lissafi ba amma mun san fim na 400 ƙwayarshi ta fi ta 100 kauri, in ka wanke babba sai ta fito. Tawa matsalar ita ce wani yaro ya kawo min hoton mahaifinshi marigayi, wanda anka wanke a takarda mai ƙurji-ƙurjin nan tun da daɗewa, yana so jikana ya sa shi cikin hoton iyali na bana da anka ɗauka da sabuwar kyamara da rana tsaka, tas babu yashi ko kaɗan. Mun sikana, saƙar takardar ta fito awa gidan zuma a fuskar. Wannan fa?

Malam Bello Kaura: Baba ranka shi daɗe, taka ta fi ta Nasiru wuya, don a wurinka baƙon ne marar kyau, kuma saƙar takarda ba watse take ba awa noyis, jere take, ido na saurin kama abin da ke jere. Abin da nika yi shi ne in sikana sau biyu, na biyun in juya takardar kai ƙasa, in daidaita su leya bisa leya ta sama a Opacity 50. Fitilar sikana daga gefe guda take haskawa, to inuwar ƙurjin na faɗawa sashe daban a kowane, sai su kashe juna. Ba ya tafiya duka amma yana raguwa ƙwarai. Bayan nan sai an tausasa sauran iyalin kaɗan an zuba yashi bisa hoton gaba ɗaya.

Hajiya Rabi Birnin Kebbi: Ni kam Baba irin wannan ba na cusa shi cikin layi. Ina sa marigayin a gefe ta sama cikin ɗan zagaye nashi, kowa ya san tsohon hoto ne, ba sai an dusashe fuskar mutum goma don guda ba. Iyalai da yawa ma sun fi son haka.

Baba Ɗanjuma Argungu: Yaron ya nace a tsaye yake son shi kusa da mahaifiyarshi. Bari mu gwada sikanin biyu mu gani, in bai yi ba in kai mashi shawarar Hajiya.

Nasiru Tudun Wada: Malam saura abu ɗaya. Na ɗora Curves a sama na ja shi da ƙarfi don in ga ko akwai abin da ya ɓuya, sai na ga wani zobe ya zagaye fuskar daidai inda na haɗa, wurin ya fi ko ina laushi, faɗinshi kamar yatsa a 100%. In na kashe Curves ɗin ba ya fita sosai amma tunda na gan shi ina ganinshi

Malam Bello Kaura: Da wane buroshi ka share bakin mask ɗin?

Nasiru Tudun Wada: Babba mai laushi, Hardness 0, girman kamar 60

Malam Bello Kaura: Shi na. A cikin zoben ga rabin yashin ƙasa ne da rabin yashin sama sunka gauraya, kuma tunda ba iri ɗaya ba ne suna ɗan kashe juna, a tsakiyar zoben ƙarfin na sauka zuwa kamar kashi 70. In wurin haɗin siriri ne ba mai lura, in ya yi faɗi sai ya zama zobe. Ƙanƙance shi ya koma fiksel huɗu zuwa biyar, daidai da laushin gefunan hoton da ka auna ɗazu, kuma ka bi da shi ta inda dama akwai layi, bakin hula, gefen kunne, ƙarƙashin gemu, wuyan riga. Kada ka ratsa da shi ta tsakiyar kunci.

Shamsu Mafara: Ni har yanzu ina ganin da an zuba Grain na Camera Raw kan hoton gaba ɗaya a ƙarshe duk wannan wahalar ta zobe ba za ta taso ba, yana da Size da Roughness ma, ya fi Add Noise kama da gaske

Malam Bello Kaura: Siriri a ƙarshe bisa kowa yana taimakawa, ina yi ni ma, yana ɗaure hoton. Amma shi kaɗai ba ya isa nan. Mai 6 da mai 2 in ka zuba masu abu guda, mai 6 na nan gaba, sai ka zuba da yawan gaske kafin tazarar ta ɓace, lokacin kuma ka cika ma mutane fuska da ƙura.

Shamsu Mafara: A firem ɗin da za a rataye a bango a kalla daga nesa anya wani zai gane? Ni dai zan gwada tawa a wani aikin in kawo nan a kwatanta

Hajiya Rabi Birnin Kebbi: Ka kawo mu gani. Nasiru nawa ne girman firem ɗin?

Nasiru Tudun Wada: 12 da 18 Hajiya

Hajiya Rabi Birnin Kebbi: To 5184 a raba 18 ya ba ka 288 a inci, ya wadatar, ba sai ka faɗaɗa komai ba. Amma ka ji wannan daga wadda ta yi asarar takarda: wasu masu wankin hoto na'urarsu tana ƙara kaifi da gyaran haske da kanta, kuma ƙarin kaifin nan yana tayar da yashin da ka zuba fiye da na kyamara in ƙwayarshi ta fi tsini. Ka ce su kashe gyaran otomatik. Kuma kafin babban, yanko wurin kan Alhaji da mutum biyu na gefenshi, 1728 da 1152, a wanke maka a 4 da 6, girman zai zo daidai da yadda zai fito a firem. Ka kalla a hasken rana ba ƙarƙashin fitilar shago ba. Kuma fayil ɗin a filash za ka kai, kar ka tura masu ta WhatsApp ya sake murje yashin da ka sha wuya a kai.

Nasiru Tudun Wada: Na gyara mask ɗin, zoben ya tafi ko da Curves a kunne. Na leƙa Blue a Channels shi ne kawai na ga fuskar Alhaji ta ɗan fi sauran santsi, Red da Green sun yi daidai. In bi shi ko in bari?

Malam Bello Kaura: Shuɗi dama shi ya fi ƙazanta a hoton cikin ɗaki, ragowar noyis na kala ne da 25 ɗin bai kwashe ba. Wanke gwajin da Hajiya tac ce tukuna. In bai fito a takarda ba ka bar shi, in ya fito ka ɗaga Color na hoton ƙasa zuwa 35 ka sake dubawa.

Nasiru Tudun Wada: To Malam, gobe da safe in sha Allah zan kai gwajin, in na karɓo zan ɗauko shi in turo nan. Allah ya saka da alheri, Hajiya na gode, Yaya Shamsu ina jiran naka

Baba Ɗanjuma Argungu: Bello, jikan nawa na tambaya, sikanin na biyu da anka juya ya ƙi hawa daidai kan na farko, ido na fitowa biyu-biyu. Da hannu zai yi ta turawa ko akwai wata hanya?

Malam Bello Kaura: Ya fara juya shi 180 ya koma tsaye, ya zaɓi leyoyin biyu tare, Edit sannan Auto-Align Layers ya bar shi kan Auto. In ya ƙi, to takardar ta lanƙwashe ne, ya ɗora littafi mai nauyi bisa murfin sikana ya sake duka biyun.